Kaska: A Kashe Uwar Kafin Ta Faɗo Ƙasa

Da ruwan farko ya sauka, sabuwar ciyawa ta fara tsiro, makiyayi kan ɗauka wahalar rani ta ƙare. Sai dai ruwan da ya tayar da ciyawar shi ne ya tayar da kaska. Cikin makonni kaɗan za ka ɗaga wutsiyar saniya ko ka leƙa hantsarta, ka tarar da su sun yi cincirindo, wasu ƙanana a shafe, wasu sun kumbura tim. Da yawa daga masu dabbobi sai sun ga waɗannan kumburarrun suke tunawa da magani, alhali a lokacin aikin gama ya kusa gamawa: kaskar ta sha abin da za ta sha, ta zuba cutar da take ɗauke da ita, saura kawai ta faɗi ƙasa ta yi ƙwai. Wanda ya san yadda kaska ke cin abinci da adadin kwanakin da take yi a jikin dabba, shi ne zai gane dalilin da ya sa wanka ɗaya ba ya wadatarwa, da dalilin da ya sa tazarar da ke tsakanin wanka da wanka ta fi ƙarfin maganin muhimmanci.

Yadda take shan jini

Kaska ba ta tashi, ba ta kuma tsalle. Dangin gizo-gizo ce, babbarta na da ƙafa takwas, jaririyarta shida. A ƙafafunta na gaba akwai wata gaɓa da take shaƙar numfashin dabba da warin jikinta da ita. Wasu nau'o'in kan hau kan ganyen ciyawa su miƙa ƙafa suna jiran mai wucewa, wasu kuma kan ɓuya a ƙasa, in sun ji dabba kusa su rarrafo su same ta.

Idan ta sami wurin da ya yi mata, sai ta yanka fata da wasu 'yan wuƙaƙe biyu da ke bakinta, ta cusa wani tsinke mai haƙora da suka karkata baya kamar ƙugiyar masunci, shiga da sauƙi, fita da wuya. Daga nan ta fitar da wani danƙo da ke daskarewa ya liƙe bakinta da fatar. Shi ya sa idan aka fizge ta da ƙarfi kan yakan katse ya zauna a ciki, wurin ya yi ƙurji.

Sauro kan soki jijiya ya sha ya tashi cikin minti kaɗan. Kaska ba haka take ba. Tana haƙa ɗan rami ne a ƙarƙashin fata, jini ya taru a ciki, ta zauna kwana da kwanaki tana zuƙa. Don kada jinin ya daskare, kada kuma dabbar ta ji zafi ta soshe ta, sai ta riƙa tofa yawu a cikin ramin. Yawun na hana jini daskarewa, yana kashe zafi, yana kuma raunana garkuwar jikin dabbar. A kwanakin farko shan a hankali take yi. Sai a yini ɗaya na ƙarshe, bayan namiji ya hau ta, macen ke zuƙar mafi yawan jinin, har nauyinta ya ninka sau ɗari ko fiye. Ba duk abin da ta zuƙa take riƙewa ba: tana tace jinin ta riƙe mai kaurin, ruwan kuma ta mayar wa dabbar ta cikin yawu. Wannan kai da komon tsakanin cikin kaska da jinin saniya shi ne hanyar da ƙwayoyin cuta ke bi.

Kaska biyu, rayuwa biyu

Nau'o'in kaska suna da yawa, amma biyu ne suka fi damun shanu a yankin savana na Afirka ta Yamma, kuma rayuwarsu ta sha bamban.

Ta farko ita ce wadda Fulani ke kira koti, masana kuma ke kira Ambiliyoma. Namijinta na da baya mai zane ruwan lemo da ƙafafu masu zobba, bakinta dogo ne mai shiga can cikin nama. Ta fi son hantsa, maraina, hammata, ƙirji da ƙarƙashin wutsiya. A rayuwarta dabba uku take hawa. Jaririya kan hau dabba ta sha na 'yan kwanaki ta faɗo ta saɓe. Matashiya ta hau wata dabbar, galibi da rani, ta sha ta faɗo ta saɓe. Babbar kuma sai ta lafe a ƙasa har ruwan farko, sannan ta hau ta uku. Mazan ne ke fara kamawa, su fitar da wani wari da ke kiran matan. Macen kan yi mako ɗaya zuwa biyu tana sha, ta faɗo, ta zuba ƙwai da kan kai dubu 20, sannan ta mutu. Namijin kuwa yana iya yin watanni a maƙale.

Ta biyu ita ce shuɗiyar kaska, wato Bofilus, mai gajeren baki, wadda ake gani a wuya, kafaɗa da gefen ciki. Ita dabba ɗaya take hawa tun tana jaririya, ta yi saɓarta biyu a nan, ta faɗo a ƙoshe bayan kimanin kwana 21, ta zuba ƙwai dubu biyu zuwa uku. Akwai wata 'yar uwarta ta ƙasashen Asiya wadda ta fi ta saurin yaɗuwa da taurin kai ga magani. An gano ta a Kwaddebuwa a 2007, ta shiga Benin tare da shanun da aka sayo daga Brazil, kuma yanzu an tabbatar da ita a Najeriya da Kamaru.

Abin lura a nan shi ne, kaskar da ake gani a jikin dabba 'yar kaɗan ce a kan wadda ke cikin ciyawa da turke, ƙwai ne ko jarirai ko masu jiran saɓa. Feshi ba ya kai wa gare su.

Ɓarnar da take yi da bakinta

Ko da kaska ba ta ɗauke da wata cuta, cizonta kaɗai asara ne. Wani bincike da aka yi a kan shanun Gudali a tudun Adamawa na Kamaru ya nuna cewa kowace macen koti da ta ƙoshi ta faɗo tana rage wa saniya fiye da giram 50 na nauyin da ya kamata ta ƙara. Ba jinin da aka sha kaɗai ne dalili ba, har da ciwo da rashin sukuni da ke hana dabbar kiwo yadda ya kamata. A ƙaddara mata 200 ne suka ƙoshi a jikin sa guda cikin damina: kilo 10 ke nan na nama ya tafi. A garke mai shanu 20, kilo 200 ne, kusan nauyin ɗan bijimi guda, ba tare da ko ɗaya ta kwanta ciwo ba.

Ɓarnar da ta fi wannan daɗewa ita ce ta hantsa. Inda koti suka taru a kan nono, wurin kan zama gyambo, ƙuda su yi ƙwai a ciki ya yi tsutsa, wani lokaci kan nonon ya toshe ko ya guntule. Saniyar da ta rasa kan nono ɗaya ko biyu ta rasa su har abada, kuma ko kafin nan zafin gyambon kan sa ta harbi maraƙinta in ya zo sha. Maraƙin da bai ƙoshi ba shi ne ke fara faɗuwa idan rani ya yi tsanani. Ƙirgi ma ba ya tsira, domin kowane cizo tabo ne da majemi zai gani ya rage kuɗi.

Cututtukan da take ɗaukowa

Sai a 1893 duniya ta tabbatar cewa ƙwaro na iya ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba, kuma a kan kaska aka fara gano hakan. Wasu masana biyu a Amurka, Smith da Kilborne, suka nuna cewa ita ke yaɗa zazzaɓin da ke kashe shanu, wanda a lokacin ake dangantawa da jihar Texas. Wannan cuta ita ce fitsarin jini, kuma shuɗiyar kaska ce ke kawo ta. Ƙwayar cutar, Babesiya, tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa ta fasa su. Zafin jikin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Mai wannan cuta kan haura 40, ta daina tuƙa, dasashinta da cikin fatar idonta su yi fari, fitsarinta ya yi ja ko baƙi-baƙi. Ƙwayar na ratsawa daga uwar kaska zuwa ƙwanta, don haka mace guda mai cutar da ta faɗo ƙasa ta bar wa makiyayar jarirai masu ɗauke da ita. Allurar da makiyaya suka sani da berenil, wadda ake yi wa sammore, tana maganinta idan an yi da wuri.

Akwai wata mai kama da ita, Anafilasma, wadda ita ma jini take cinyewa. Bambancin da mai dabba zai iya gani da idonsa shi ne fitsarin ba ya ja. Idon dabbar da dasashinta kan yi ɗorawa irin na shawara, kashinta ya yi tauri, ta rame a hankali. Ban da kaska, ƙudaje masu cizo na yaɗa ta, haka ma allura guda da aka bi garke da ita ba a sake ba.

Ita kuwa koti cutar ruwan zuciya take kawowa, wadda wasu makiyaya ke kira kabowa. Ƙwayarta na kama bangon ƙananan jijiyoyin jini, har na ƙwaƙwalwa, sai su riƙa yoyo. Kimanin mako biyu zuwa uku bayan cizo zazzaɓi ya taso, dabbar ta riƙa tafiya tana ɗaga ƙafa sama, tana zagaye wuri ɗaya, tana tauna ba komai a baki, ta firgita da ƙaramin motsi. Daga ƙarshe ta faɗi tana shure-shure. In an yanka ta, za a ga ruwa ya taru a jakar zuciya da cikin ƙirji. Awaki da tumaki sun fi saurin mutuwa da ita, haka shanun Turai da 'ya'yansu na barbarar haɗi. Allurar teramaisin tana aiki a kwanakin zazzaɓi, amma da zarar an kai ga shure-shure, da wuya ta yi amfani.

Kirci kuma labarinsa daban ne. Ba kaska ce ke zuba ƙwayar kirci ba, ƙwayar tana nan a fata tana jiran danshi da rauni. Abin da koti ke yi shi ne raunana garkuwar jikin saniyar da yawunta, sai kircin da da zai tsaya 'yan ɓawo kaɗan ya bazu ya rufe baya da gefen jiki. Binciken da aka yi a filayen Accra na Ghana ya nuna cewa shanun da ake kashe wa koti a kai a kai ba safai kirci ke kama su da tsanani ba. Mai fama da kirci kowace damina, ya fara duba hantsa da hammata kafin ya sayi allura.

Mutum ma bai tsira ba. Wata kaska mai dogayen ƙafafu, Hayaloma, wadda ta fi yawa a busassun wurare, tana ɗaukar wani zazzaɓi mai sa zubar jini da ake kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Dabbar ba ta nuna alamar komai, amma mutum kan kamu ta cizo ko ta murƙushe kaskar da yatsu. Duk wanda ke cire kaska da hannu, ya jefa ta a wuta ko cikin kananzir, kada ya fasa ta da farce.

Dalilin maimaita wanka

Maganin kaska yana kashe wadda ya taɓa ne, sannan ƙarfinsa ya ragu a gashin dabbar cikin 'yan kwanaki, ruwan sama kuma ya ƙara wanke shi. Bayan haka sababbi su hau daga ciyawa. Saboda haka wanka ɗaya hutu ne kawai na mako guda. Abin da ake nema shi ne kada mace ko ɗaya ta sami isassun kwanakin da za ta ƙoshi ta faɗo da rai. Idan aka riƙe wannan na tsawon lokaci, dabbobin da kansu ne za su riƙa kwaso kaskar da ke makiyaya suna kawo ta ga magani, ba a kuma zuba sabon ƙwai, sai yawanta ya yi ta raguwa.

Daga nan ake fitar da tazara. Shuɗiyar kaska kwana 21 take buƙata, don haka wanka duk bayan mako biyu zai riske ta kafin ta gama. Macen koti kuwa tana iya gamawa cikin mako guda da 'yan kwanaki, saboda haka a farkon damina, lokacin da manyan ke fitowa, sai an yi kowane mako. Wanda ke yi wata-wata yana barin zuriya guda cur ta shige tsakanin wanka biyu. Da rani, idan manyan koti sun ɗauke, ana iya buɗe tazarar ko a tsaya, a riƙa duba jikin dabbobin kawai. Akwai ƙarin riba: kaska ba ta zuba cuta nan take da ta kama, kabowa kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ta ratsa. Kaskar da ta hau gashi mai sauran magani ta mutu da wuri, sau da yawa ba ta kai ga zubawa ba.

Lissafin garke mai shanu 20

A ɗauki amitaraz mai ƙarfin kashi 12.5 cikin ɗari, wanda ya yawaita a shagunan maganin dabbobi. Awon da aka saba shi ne mililita 2 a kowace litar ruwa, amma abin da ke rubuce a jikin kwalbar shi ne abin bi. Babbar saniya na buƙatar kimanin lita 5 kafin ta jiƙe har fata. Shanu 20 ke nan lita 100 na ruwa da mililita 200 na magani. Famfon feshi na goyo mai cin lita 16 zai ɗauki mililita 32 a kowane cikawa, ya wanke shanu uku, wato cikawa shida da ɗoriya kafin a gama garken.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cika famfon sau ɗaya a bi shanu 20 da shi. Kowace ba ta sami ko lita guda ba, kuma a gadon baya aka watsa, inda koti ba ta zama. Feshi na gaskiya daga ƙasa yake farawa: ƙafafu, hantsa, tsakanin cinyoyi, ƙarƙashin wutsiya, ciki, hammata, sannan gefe da baya, a ƙare da wuya da cikin kunne, ana fesawa ta inda gashi zai tashi. A yi da safe, bayan dabbobin sun sha ruwa don kada ƙishi ya sa su lashi maganin, kuma ba lokacin da hadari ya haɗo ba. A auna da sirinji, ba da murfin kwalba ko ƙiyasin ido ba. Amitaraz guba ne ga doki, kada a kusance shi da shi ko jaki. Magungunan dangin saifametirin kuma suna kashe kifi, don haka ba a wanke famfo a rafi ko mashaya. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka, suna nan a rubuce. Maganin ƙwarin gona da baƙin mai da wasu ke shafawa suna ƙona fata, suna kuma shiga nono.

Inda shanu suka kai ɗaruruwa, kwamin wanka da suke faɗawa su yi iyo su fita ya fi feshi, domin ba ya barin wuri a bushe. Matsalarsa ita ce ruwan sama da kashin shanu na tsinka maganin, sai an riƙa ƙarawa bisa awo. Akwai kuma na zubawa a gadon baya, mai tsada amma ba ya buƙatar ruwa.

Wata dabara mai araha ta fito daga cibiyar binciken dabbobi da ke Bobo Dioulasso a Burkina Faso. An lura cewa koti ba ta zarcewa hantsa kai tsaye. Da rana, lokacin kiwo, a tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai da dare idan saniya ta kwanta take rarrafawa zuwa inda take so. Sai aka gina ɗan kwami marar zurfi a ƙofar turke, shanu su taka ta ciki da yamma in sun dawo, duk bayan kwana biyu ko uku a farkon damina. Magani kaɗan yake ci, garke ya wuce cikin 'yan mintuna. Iyakarsa ita ce koti yake kamawa, ba shuɗiyar kaska ba.

Inda wankan ke da iyaka

Idan bayan feshi mai kyau da awo daidai aka ga kumburarrun kaska da rai bayan kwana biyu ko uku, kuma hakan ya maimaitu, to wataƙila kaskar wurin ta saba da maganin. Tsinkakken magani da ake yi a kai a kai shi ke kawo haka, domin yana kashe raunana ya bar masu tauri su hayayyafa. Sauya kwalba ba ya warware wannan in dai sinadarin ciki ɗaya ne ko danginsa. Sai a nemi likitan dabbobi ya zaɓi wani dangin dabam.

Iyaka ta biyu ta fi ban mamaki. Maraƙi na da kariya ta halitta daga fitsarin jini har kusan wata tara, daga kabowa kuma na makonnin farko na rayuwarsa. Idan kaska mai cutar ta cije shi a wannan lokaci, yakan yi ɗan zazzaɓi ya warke, ya sami garkuwa mai daɗewa. Wannan ne ya sa Bunaji da Rahaji ke rayuwa a inda saniyar Turai za ta mutu cikin wata guda. Garken da aka tsarkake daga kaska gaba ɗaya yakan rasa wannan garkuwa. Zimbabwe ta ɗanɗana haka. Tun 1914 doka ta tilasta wankan shanu a ƙasar, cututtukan kaska suka ja baya na shekaru masu yawa. Da yaƙin neman 'yanci ya tsayar da wankan a karkara, shanu kusan miliyan ɗaya suka mutu tsakanin 1974 da 1979, akasarinsu da cututtukan kaska. Labarin ya nuna abu biyu: yawan dukiyar da wankan ke karewa, da haɗarin fara shi da tsanani sannan a yanke.

Don haka tsarin ya danganta da irin dabbar. Mai shanun madara na Turai ko na haɗi ba shi da zaɓi, wanka ne shekara duka ba fashi, kuma duk sabuwar dabba da ta zo daga kara a wanke ta a keɓe ta kafin ta shiga cikin sauran. Mai shanun gida kuwa ba kawar da kaska kakaf yake nema ba. Ya fara wankan mako-mako da zarar ya ga mazan koti masu zane sun kama bayan ruwan farko, kafin matan su iso su kumbura, ya riƙe shi har yawansu ya faɗi a tsakiyar damina, sannan ya sassauta. Kuma tunda makiyaya da mashaya na kowa ne, garken da ba a wanke ba zai ci gaba da zuba ƙwai a inda wankakku ke kiwo. Maƙwabtan da suka sa ranar wanka guda suna kashe kuɗi kaɗan, su ga sakamako da wuri.